Tambayar da ke sa manyan ɗalibai su yi magana da juna a karatu daga nesa

Duk wanda ya taɓa riƙe ajin manya masu karatu daga nesa ya san wannan abin. Ka tura tambaya ranar Litinin, kafin Alhamis amsoshi sun jeru reras, kowa ya kawo tasa, ya gaishe ka, ya rufe da addu'a. Ka karanta daga sama har ƙasa, sai ka tarar duk da kai suke magana. Ba wanda ya ce wa ɗan'uwansa uffan. In ka matsa musu cewa lalle kowa ya tanka wa mutum biyu, abin da za ka samu shi ne "Madalla Malam, na yarda da maganarka" da "Allah ya ƙara basira". An cika sharaɗi, amma ba wanda ya ƙaru da kowa.

Na daɗe ina ɗora laifin a kan ɗaliban. Ajin da nake magana a kai na malaman lakwal ne, su 24, masu ƙarin horo a kan koyar da lissafi ba tare da sun bar wurin aikinsu ba. Kaɗan daga cikinsu suna nan cikin Damagaram, sauran sun warwatsu daga Tanut zuwa Magarya, daga Mirya zuwa Gure, kuma waya ce kawai ke haɗa mu. Na ce ƙila gajiya ce, ƙila rashin rezo ne, ƙila kuma ba su saba ba ne. Duk waɗannan akwai su. Amma ranar da na koma na karanta tambayoyina da idon ɗalibi, sai na ga ashe ni ne ban ba su dalilin da zai sa su nemi juna ba.

Ga irin tambayar da nake turawa a da: "Bayyana muhimmancin amfani da kayan aiki na gani da taɓawa wajen koyar da ɗebewa." Dubi abin da take nema. Amsarta tana cikin takardun darasi, kuma kowa takarda ɗaya ya karanta. Na farko da na biyu da na uku za su kwashe duk abin da ke akwai, na huɗu kuwa sai dai ya canza wa maganar riga. In ya zo tanka wa wani, me zai ce? Ba gardama a cikin maganar, ba giɓi, ba abin da wancan ya sani wanda shi bai sani ba. Mutum mai iyali da aji cike da yara, wanda ya sayi kiredi da kuɗin aljihunsa, ba zai ɓata darensa yana yaba wa wani a kan abin da su biyun suka kwafo daga shafi ɗaya ba. Kuma yana da gaskiya.

Tun 1989 wani masanin karatun nesa, Michael Moore, ya raba mu'amalar da ke cikin irin wannan karatu gida uku: ta ɗalibi da abin da yake karantawa, ta ɗalibi da malami, da ta ɗalibi da ɗalibi. Tambayata ta farko tana motsa biyun farko, ta ukun kuwa ko taɓa ta ba ta yi. Abin da na fahimta daga baya shi ne ta ukun ba ta zuwa da roƙo, ba ta kuma zuwa da barazanar rage maki. Tana zuwa ne in aikin da aka ba mutum ba zai kammalu ba sai da hannun wani. Dabarar ba sabuwa ba ce. A 1971 wani masanin halayyar ɗan Adam, Elliot Aronson, ya gwada irinta a makarantun birnin Austin na Amurka, inda ya raba darasi gunduwa-gunduwa, kowane yaro ya riƙe yanki ɗaya, ta yadda ba mai haɗa hoton gaba ɗaya sai ya saurari sauran. Ga manya abin ya ma fi sauƙi, domin ba sai ka raba musu komai ba. Kowanensu ya riga ya riƙe wani yanki da ba kowa ke da shi ba, wato abin da ke faruwa a wurin aikinsa.

To ga yadda na sake tambayar. Na raba su rukuni shida, mutum huɗu-huɗu, na kuma kasa aikin hawa uku a cikin mako guda. Hawa na farko, kafin daren Talata, na rubuta musu haka: "Ka kawo mana lissafin ɗebewa guda ɗaya da wani yaro a ajinka ya kuskure a wannan makon. Rubuta tambayar da amsar da ya bayar kamar yadda take a kan allonsa. Kada ka faɗi sunan yaron, kuma kada ka faɗa mana dalilin da kake zaton ya sa shi kuskure." Hawa na biyu, kafin daren Alhamis: "Ɗauki kuskuren wanda sunansa ke bin naka a rukuninku. Faɗa masa abin da kake jin ya faru a kan yaron, sannan ka ba shi lissafi ɗaya da zai gwada yaron da shi don a tabbatar ko a ƙaryata zatonka." Hawa na uku, kafin daren Lahadi: "Ka gwada. Dawo ka faɗa wa wanda ya ba ka shawara abin da yaron ya rubuta, da abin da za ka canza ranar Litinin."

Jumlar da ta fi kowace aiki a cikin wannan duka ita ce wadda ta hana mai kawo kuskuren faɗin dalilinsa. Malami in ka bar shi, zai kawo matsalar, ya kawo dalilinta, ya kawo maganinta, ya rufe ƙofa, domin haka aka horar da shi ya amsa tambayar jarrabawa. Da ka hana shi, sai saƙonsa ya zama rabin magana, kuma rabin magana tana jan mai cika ta.

Wani malami da ke koyarwa a wani ƙauye a yankin Tanut, a aji na uku wanda muke kira CE1, ya kawo wannan: 52 − 27, yarinya ta rubuta 35. Ya ƙara da cewa yarinyar nan tana taya uwarta tallan ƙosai, kuma ba ta taɓa kuskuren canji ba. Wadda ke bin sa a rukunin, wata malama matashiya daga Mirya, ta ce ai abin a fili yake. Yarinyar ta yi aro, ta cire 7 daga 12 ta samu 5, amma ta manta da goman da ta aro, sai ta cire 2 daga 5 ta samu 3. Ta ba da shawara a gwada ta da 63 − 28.

A nan ne abin da nake nema ya faru. Na uku a rukunin, wani dattijo shugaban lakwal a yankin Magarya, wanda ba ma nasa ba ne wannan kuskuren, ya shigo. Ya ce: "Ƴata, zatonki yana iya zama daidai, amma akwai wata hanyar da ke kai wa ga 35. Yara da yawa in suka ga 2 a sama, 7 a ƙasa, sai su juya su cire ƙarami daga babba. 7 a cire 2 shi ma 5 ne. Wannan ba ta yi aro ba sam." Ta amsa masa da cewa: "Gaskiya ne Baba, ban hango wannan ba. To ai gwajin da na bayar zai raba gardama." Sai na huɗun, wanda ya yi shiru tun farko, ya zauna ya lissafa, ya dawo ya ce gwajin ba zai raba komai ba. A 63 − 28, mai juyawa za ta ce 8 a cire 3, ta samu 5, ta rubuta 45. Mai manta aro za ta ce 13 a cire 8, ta samu 5, ita ma ta rubuta 45. Duk lokacin da tazarar lambobin nan biyu na ƙarshe ta zama 5, kurakuran biyu fuska ɗaya suke nunawa. Ya ce a ba ta 52 − 29. Amsar daidai 23 ce. In ta rubuta 33, aro ta yi ta manta. In ta rubuta 37, juyawa take yi.

Ranar Juma'a da safe malamin Tanut ya gwada ta. Ta rubuta 37. Ya dawo ya ce wata biyu ke nan yana ta nanata wa ajin "kada ku manta da abin da kuka aro", ashe yarinyar ba ta ma san ana aro ba. Abin da ya yanke shi ne ya yanko karan gero, ya ɗaure su goma-goma da zare, ya ba ta dami 5 da kara 2, ya ce ta ba shi 27, ya bar ta ta gano da kanta cewa sai ta kwance dami ɗaya.

Ban sa baki a wannan zancen ba sai a ƙarshe, kuma da gangan na yi. Da na shigo ranar Laraba na ce "akwai dalilai biyu masu yiwuwa", da zancen ya mutu nan take, domin malami ya yi magana, kuma a wurinmu in babba ya yanke, wa zai ƙara? Wannan shi ne abin da ya fi mini wuya in koya. Hannu yana ƙaiƙayi ka gyara, musamman in ka ga an ba da shawarar da ba za ta yi aiki ba, kamar 63 − 28 ɗin nan. Ƙa'idar da na ɗora wa kaina ita ce in bar kuskure ya kwana ɗaya. In ba wanda ya gan shi, ba na ba da amsa, sai in kira sunan wani a rukunin in ce ya gwada lissafin ta hanyoyin biyu ya faɗa mana abin da ya samu.

Yanzu a lura da abubuwan da suka sa wannan ta ci. Kowa ya zo da abin da ba wanda ke da irinsa, saboda haka na ƙarshe bai rasa abin faɗa ba. An faɗa wa kowa takamaimai wanda zai tanka wa, ba a ce "ka tanka wa mutum biyu" ba. In ka bar zaɓi a buɗe, waɗanda suka riga turowa da waɗanda aka sani su ke kwashe amsoshi, wanda ya turo da daddare daga inda sai an hau tudu ake samun rezo kuwa ya tashi hannu rabbana, kuma ba ya sake wahalar da kansa mako mai zuwa. Sannan an faɗi irin amsar da ake so, wato zato ɗaya da gwaji ɗaya, abin da "madalla" ba za ta iya maye gurbinsa ba. Uwa uba, akwai hawa na uku. Wanda ya ba da shawara ya san za a kai maganarsa gaban yaro a gwada, a dawo masa da sakamako. Mutum yana auna maganarsa in ya san za a yi aiki da ita.

Akwai wani abu kuma da littattafan da aka rubuta a wasu ƙasashe ba su cika kulawa da shi ba, alhali a nan shi ne gaba. Mu mutane ne masu kunya da kara. Da yawa daga masu koyarwa suna cewa a sa ɗalibai su "soki ra'ayin juna". Ka gwada wannan a ajin da ke da malama ƴar shekara 25 da shugaban lakwal da ya haife ta, ka ga abin da zai biyo baya. Ba za ta ce masa ya yi kuskure a gaban mutane ba, kuma bai kamata a tilasta mata ba. Shi ma in ya gyara mata kai tsaye, tana iya ja da baya ta yi shiru har ƙarshen horon. Abin da tambayar allon ta yi shi ne ta ɗauke gardamar daga kan mutum ta ɗora ta a kan wani abu na uku da ke tsakiya. Ba ra'ayin Baba ake tuhuma ba, lambar 35 ake tuhuma. Mai raba gardamar kuma ba ɗayansu ba ne, yarinya ce da alli a hannu. Shi ya sa na huɗun nan ya iya cewa gwajin ba zai yi ba, ba tare da kowa ya ji an ci masa fuska ba. In kana tsara tambaya ga manya a ƙasar nan, ka tambayi kanka ko ƙarami zai iya saɓa wa babba a cikinta ba tare da ya fita daga ladabi ba. In ba zai iya ba, sake ta.

Haka nan na daina tambayar mutum ya kawo "matsalar da ta gagare shi". Ba mai son tona asirin kansa a gaban abokan aiki, balle in a cikinsu akwai wanda wata rana zai iya zama mai duba aikinsa. Kuskuren yaro kuwa kowa yana da shi buhu-buhu, kuma kawo shi ba abin kunya ba ne.

Girman rukuni ma ba ƙaramin abu ba ne. A mutum 24 wuri ɗaya, kowa yana jin wani zai amsa, kuma wanda ya buɗe wayarsa bayan kwana biyu ya tarar da tarin saƙonni sai ya rufe. A mutum huɗu, rashinka yana bayyana, domin akwai wanda ke zaune yana jiran ka. Na gwada bibbiyu, bai yi ba: da ɗaya ya yi tafiya ko wayarsa ta lalace, ɗayan ya zama maraya. Huɗu ko biyar ne ke jure rashin mutum ɗaya. Kuma ka ga a labarin nan, gyaran da ya fi amfani daga na uku da na huɗu ya fito, waɗanda ba a ma ɗora musu wannan kuskuren ba.

Ta yaya za ka gane ko tambayarka ta yi aiki? Kada ka ƙirga yawan saƙonni, yana ruɗi. Ni takarda nake ɗauka a ƙarshen mako, in rubuta sunayen ƴan rukuni a da'ira da sunana a tsakiya, in ja kibiya daga mai magana zuwa wanda ya yi wa maganar. In kibiyoyin duk tsakiya suka nufa, tambayar ta faɗi, komai tsawon amsoshin. Bayan haka sai in duba ko akwai inda zance ya kai hawa uku, wato wani ya faɗa, aka tanka masa, ya dawo ya amsa. Tankawa ɗaya tana iya zama cika sharaɗi, amma dawowar ba ta cika zuwa sai in an taɓa mutum. Gwaji na ƙarshe shi ne mafi sauƙi: ɗauki amsar da wani ya ba wani, ka liƙa ta a ƙarƙashin saƙon mutum dabam. In ta zauna daram ba abin da ya canza, to ba amsa ba ce, gaisuwa ce.

Maki ma sai da na juya su. A da kaso mafi tsoka yana kan saƙon farko, shi ya sa kowa ya zuba ƙarfinsa a can. Yanzu a cikin maki 10, hawa na farko 2 ne kawai, na biyu 4, na uku 4. Ba na kuma ba da maki don zato ya zama daidai. Malamar Mirya ta samu makinta cikakku duk da cewa zatonta bai tabbata ba, domin ta kawo zato mai dalili, ta kuma ba da abin gwadawa. Da zan hukunta kuskuren zato, mako mai zuwa ba mai faɗin abin da za a iya ƙaryatawa.

Wannan hanya tana da iyakarta, kuma na ci karo da ita. Ba kowane darasi ne ke ɗaukar ta ba. In abin da ake so shi ne a san wata ƙa'ida ko a haddace wasu kalmomi, a ba da ɗan gwaji kowa ya yi shi kaɗai, kada a ɓata wa mutane lokaci da sunan tattaunawa. Sannan aikin hawa uku yana ɗaure mutane da juna, abin da yake ƙarfinsa kuma rauninsa. Wanda ya makara a hawa na farko ya tsayar da na bayansa. Na taɓa sa wa'adin kwana ɗaya tsakanin hawa da hawa, abin ya watse, domin akwai wanda sai ranar kasuwa yake samun cajin waya, akwai wadda ba ta zauna sai yara sun yi barci. Kwana biyu shi ne mafi ƙaranci. Ina kuma ajiye kurakurai biyu ko uku nawa a gefe, in ba duk wanda abokin aikinsa bai turo ba zuwa safiyar Laraba, don kada ya zauna hannu sake. In azumi ya zo, ko lokacin jarrabawar ƙarshen zango, hawa biyu kawai nake nema.

Sai batun harshe da murya. Takardun darasinmu da Faransanci suke, kuma muddin na nace a amsa da shi a rubuce, amsoshin sukan fito a ƙage kamar takardar neman aiki, domin kowa yana tsoron a ga kuskuren nahawunsa. Da na ce hawa na biyu da na uku ana iya yin su da Hausa, a rubuce ko da murya, sai zancen ya saki. Amma saƙon murya yana da nasa sharrin. Wani zai yi minti bakwai, uku daga ciki gaisuwa, kuma ba mai iya komawa ya nemo lambar da aka faɗa a tsakiya. Yanzu ƙa'idar ita ce murya kada ta wuce minti ɗaya da rabi, kuma duk wata lamba ko lissafi a rubuta shi a ƙasa. Gaisuwa ban hana ba, ban ma isa in hana ba. Na dai buɗe mata nata lokacin a farkon mako.

Tsarin bai tsaya ga malaman lakwal ba. Da ma'aikatan ɗakin shan magani na karkara nake yi, sai in ce kowa ya kawo yadda wata uwa ta kwatanta ciwon ɗanta da bakinta, ba suna ba gari, na biye da shi ya faɗi tambaya ɗaya da zai fara yi mata da dalilinsa. Da masu koyon riƙe littafin kuɗi na ƙungiya ne, kowa ya kawo shafin da lissafinsa bai daidaita ba, wani ya nemo inda kuɗin ya maƙale.

Abin da har yanzu nake fama da shi shi ne gundura. Bayan mako huɗu ana kawo kuskuren allo, sai na ga amsoshin sun fara gajarta, mutane sun gane zaren suna bi da ka. A mako na biyar na juya abin: na ba kowane rukuni allon yara uku da lokacin gyara wa ɗaya kawai kafin a tashi, na ce su huɗun su daidaita a kan wanda za a fara da shi, su turo mini amsa ɗaya da sunan rukuni, tare da sunan wanda bai gamsu ba da dalilinsa. Rukuni biyar sun turo ranar Asabar. Na shidan, wanda dattijon Magarya ke ciki, sun nemi in ƙara musu kwana ɗaya, wai har yanzu ba su daidaita tsakanin yaro na farko da na uku ba.